Takin Gida da Takin Buhu: Tambayoyin da Manoma Ke Yi Kan Abin da Kowanne Ke Bari a Ƙasa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin manoman masara, dawa da gero, musamman masu noma a jigawa da jar ƙasa. Inda na ce takin gida, ina nufin wanda aka tara daga turke, shara da karmami aka bar shi ya ruɓe sosai a rami ko a tsibi. Takin buhu kuwa shi ne na zamani: kamfa, yuriya da sufa.

Buhu ɗaya na takin zamani daidai yake da amalanke nawa na takin gida?

Lissafin yana jikin buhun. Lambobin nan uku da ake rubutawa, 15-15-15, suna nufin cewa a kowane kilo 100 na kamfa akwai kilo 15 na naitirojin, 15 na fosfat, 15 na fotash. Tunda buhu kilo 50 ne, abin da ka saya shi ne kilo bakwai da rabi na kowannensu. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, wato kilo 23 a buhu, kuma ba ta ɗauke da sauran biyun ko kaɗan.

Takin gida ba shi da lamba a jiki, amma wanda ya ruɓe da kyau, idan aka auna shi a bushe, naitirojin ɗinsa bai cika wuce kashi ɗaya cikin ɗari da yawa ba. Na turken da rana da ruwa suka daɗe suna duka ma rabin haka ne. To tan ɗaya, kilo 1,000 ke nan, yana ɗauke da kamar kilo 10. Sai ka tara tan biyu da ɗoriya kafin ka kamo abin da ke cikin buhun yuriya guda.

Wannan ma lissafin takarda ne. Naitirojin na yuriya yana samuwa ga shuka cikin kwanaki. Na takin gida a ɗaure yake cikin ragowar ciyawa da kashi, sai ƙananan halittun ƙasa sun cinye sun sako shi, kuma a daminar farko abin da ke fita bai fi kwata ba, wani lokaci ƙasa da haka. Wanda ya zuba tan biyar a hekta ya sa kilo 50 a ƙasa, amma masarar bana za ta ga kilo 12 ko kusa da haka, wato rabin buhun yuriya. Sauran yana nan yana jiran baɗi da baɗin baɗaɗa.

Idan haka ne, me ya sa ake wahala da takin gida? Ai gara a sayi buhu a huta.

Domin abin da takin gida ya fi yi ba ya cikin wancan lissafi. Ƙasar jigawa yashi ce mai ɗan laka kaɗan, kuma lakar yankinmu irin wadda ba ta iya riƙe abinci sosai ce. Abin da ke riƙe abincin shuka da danshi a irin wannan ƙasa shi ne baƙin ruɓaɓɓen abin nan da ke saura bayan ganye da kashi sun narke. A yawancin gonakin da aka daɗe ana nomawa a ƙasar Hausa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasar sama ba. Zuba takin buhu a irin wannan gona kamar zuba ruwa a rariya ne: wani ya tsaya, mafi yawa ya bi ruwan sama ya nutse inda saiwa ba ta kaiwa.

Takin gida shi ke toshe ƙofofin rariyar. Yana sa ƙasa ta dunƙule, ruwa ya shiga maimakon ya gudu ta sama, fuskar ƙasa ta daina yin ɓawo mai tauri bayan ruwa, kuma idan aka yi fari na kwana goma gonar da ta sha shi ta fi jurewa. Yana kuma kawo ƙananan sinadaran da babu su a kamfa: zinki, farar wuta, kalsiyam, maganiziyam. Shuka ba ta cin su da yawa, amma idan ɗaya ya ƙare, ƙarin yuriya ba ya ƙara komai.

Gaskiya ne takin zamani yana kashe gona?

Maganar tana da tushe, amma an faɗe ta a karkace. Abubuwa uku ne ke faruwa a gonar da ake ba takin buhu kaɗai shekara da shekaru, kuma cikin ukun ɗaya ne laifin takin kansa.

Wanda yake laifinsa shi ne tsamin ƙasa. Duk takin da naitirojin ɗinsa ke zama amoniyam, kamar yuriya, yana barin tsami idan ƙwayoyin ƙasa suka juya shi, musamman in ruwa ya wanke shi kafin shuka ta ci. A ƙiyasin masana ƙasa, buhun yuriya ɗaya na iya barin tsamin da sai kusan kilo 40 na farar ƙasar gona za ta kashe shi. Takin amoniyam salfet ya ninka wannan kusan sau uku a kan kowane kilo na naitirojin. Ƙasa mai laka da yawa tana shanye wannan ba a gani ba. Jigawa ba ta iyawa. Da ma'aunin tsami, wanda ake rubutawa pH, ya sauka ƙasa da 5.5, sai alminiyam da ke cikin ƙasa ya fara narkewa, ya ƙone bakin saiwa, ya kuma kama fosfat ya riƙe. Za ka ga masara gajera, saiwarta dunƙulalliya, ta yi yaushi da wuri ko da akwai danshi.

Sauran biyun aikin manomi ne. Takin buhu yana sa amfani ya yi yawa, amfani mai yawa kuma yana kwashe abinci mai yawa. Tan ɗaya na tsabar masara yana fita da wajen kilo 15 na naitirojin, tare da zinki da farar wuta da sauransu waɗanda ba a mayar ba. Sannan bayan girbi mukan kwashe kara ƙaf: na danni, na girki, na dabbobi, abin da ya rage a cinna masa wuta lokacin sharar gona. Ƙasa ba ta samu abin da zai ruɓe a cikinta ba, ga zafi yana cinye ɗan wanda take da shi. Bayan shekaru sai manomi ya ce buhu huɗun da ke ba shi amfani a da yanzu sai shida, ya ɗora wa buhun laifi.

An gwada wannan a aikace. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, akwai filayen gwaji da aka fara tun 1950, ana ba wasu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu ba a ba su komai. A Sariya ta ƙasar Burkina Faso an fara irin wannan da dawa a 1960. Abin da aka gani a wuraren biyu ya yi kama: filin da ke shan takin zamani kaɗai ya yi tsami, baƙin ƙasarsa ya ragu, wanda ake haɗa masa da kashin dabbobi ya riƙe ƙarfinsa. A Sariya amfanin filin takin zamani kaɗai ya tashi a shekarun farko, daga baya ya yi ta sauka. Filin da ba a ba komai ma bai tsira ba, shi ma lalacewa ya yi. Wannan na ƙarshen ne masu cewa a daina takin buhu baki ɗaya ke mantawa da shi.

Cikin abin da na zuba bana, me zai rage wa shukar baɗi?

Ya danganta da sinadarin.

Naitirojin na buhu kada ka sa rai da shi. Abin da shuka ba ta ci ba, ruwan Agusta ya tafi da shi ko ya tashi a iska. Yuriyar bana ta bana ce.

Fosfat daban yake. Ba ya yawo a ƙasa, inda ka sa shi nan yake zama, kuma shuka ba ta cin fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a shekarar farko. Sauran yana manne da ƙasa yana sakuwa a hankali. Shi ya sa gyaɗa ko waken suya da aka shuka a bayan masarar da ta sha kamfa sukan yi kyau ba tare da an ba su wani abu mai yawa ba.

Fotash yawancinsa a kara yake tsayawa, ɗan kaɗan ne ke shiga tsaba. Wanda ya bar kara a gona, ko ya ciyar da dabbobi ya dawo da kashinsu da tokar murhu, ya dawo da fotash ɗinsa. Wanda ya sayar da kara ya sayar da shi.

Takin gida kuwa a shekara ta biyu yakan yi aikin da ya kai na farko, wani lokaci ma ya fi, idan bai gama ruɓewa ba lokacin da aka zuba. A ta uku yana raguwa. Zuwa ta huɗu, a jigawa mai zafi da gara, da wuya ka bambanta inda aka zuba da inda ba a zuba ba. A turai akan yi maganar taki yana aiki shekara goma. Ƙasarsu sanyi gare ta. Tamu tana cin taki da sauri, don haka sai an riƙa maimaitawa.

Zan iya noman masara da takin gida kaɗai?

A bayan gida, i. A hekta guda, yi lissafi tukuna. Shawarar da aka saba bayarwa ga masara a yankin Zariya da Funtuwa ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfat, 60 na fotash a hekta, wato buhu takwas na kamfa da buhu biyu da rabi na yuriya. Kafin takin gida ya ba ka 120 a damina ɗaya, sai ka zuba tan arba'in ko fiye. Saniyar gida mai matsakaicin girma tana yin kashin da ya kai kamar tan ɗaya a bushe a shekara, kuma idan tana fita kiwo, rabi a daji take barinsa. Ka ga tan biyar ma sai mai shanu goma.

Gero da dawa ba su kai masara cin taki ba, don haka su sukan rayu da takin gida kaɗai. Haka gonakin kewayen birnin Kano suka daɗe ana noma su kowace shekara ba hutu: jakuna na fita da mangalar taki da shara daga cikin gari da rani, tumaki da awaki na cin harawa a turke ana kwashe kashinsu, ana shuka wake da gyaɗa a tsakanin hatsi. Amma a lura, wannan takin daga wani wuri aka kwaso shi. Dabba ba ta ƙirƙirar abinci, ciyawar wani fili ta ci ta kawo maka. Gari duka ba zai iya wadatuwa da haka ba, sai dai wasu gonaki su ƙoshi wasu su rame.

Takina kaɗan ne, kuɗina ma kaɗan. Yaya zan raba su?

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har shekara uku. A ce kana da hekta ɗaya, shanun huɗa biyu, awaki da tumaki goma, da kaji. Idan ka kula da tarawa, za ka iya samun tan biyu na ruɓaɓɓen taki a shekara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a barbaɗa shi ko'ina a hektar. Tan biyu a hekta kamar gishiri ne a kogi.

Raba gonar uku. Bana zuba tan biyun duka a kashi na farko, wanda ya yi daidai da tan shida a hekta, ka shuka masara a nan. Rabon wannan kashi daga waccan shawara shi ne kilo 40 na naitirojin, 20 na fosfat, 20 na fotash. Takinka zai ba da naitirojin kilo biyar kacal a bana, amma fotash ɗinsa yana fita da wuri, kusan duka, kuma yana da ɗan fosfat. Saboda haka abin da za ka rage shi ne kamfa, ba yuriya ba. Mutane da yawa suna yin akasin haka: sun ga sun zuba taki sai su fasa sayen yuriya, masara ta taso da kyau, ta zo fid da kai ta yi ɗorawa. Buhu biyu na kamfa za su ba ka 15 na kowanne, buhun yuriya ya ƙara 23, takin gida ya ƙara biyar: 43 ke nan, ka cika. Sa kamfa lokacin shuka ko cikin mako biyu na farko, yuriya kuma a mako na biyar zuwa na shida, kafin maimai, a tona a binne.

Kashi na biyu ka sa waken suya ko gyaɗa, da buhun sufa idan hali ya yi, domin sufa tana da fosfat da farar wuta da kalsiyam, abin da gyaɗa ke so ke nan. Kashi na uku dawa da wake.

Baɗi sai kowa ya gusa. Inda masara ta tashi a sa waken suya, ya ci ragowar fosfat da takin bara. Ba ya buƙatar yuriya domin ƙululun saiwarsa suna kamo naitirojin daga iska. Inda waken suya ko gyaɗa suka tashi a sa dawa, ta ci abin da ganyensu da saiwarsu suka bari, da ɗan yuriya idan ta nuna yunwa. Inda dawa ta tashi, wanda shi ne mafi gajiya, nan sabon tan biyun zai je tare da masara. A shekara ta huɗu ka dawo kashi na farko daidai lokacin da takinsa ya ƙare. Wani amfani da ke biyo baya: wuta-wuta tana raguwa, domin ta fi ƙarfi a ƙasar da ta talauce, kuma waken suya yana sa irinta ya tsiro ya mutu bai samu saiwar da zai kama ba.

Tsarin yana da iyaka. Idan gonar a gangare take ruwa na kwasar ƙasa, takin zai tafi fadamar maƙwabci, sai an fara tare zaizayar. Idan kuma ƙasar ta riga ta yi tsami ƙwarai, tan shida duk shekara uku zai rage amma ba zai warkar ba, sai an haɗa da farar ƙasar gona ko toka mai yawa.

Mu a arewa ruwanmu kaɗan ne, gero muke yi. Wannan lissafin ya shafe mu?

Ga gero a Maraɗi, Damagaram, Daura ko Gumel, abin da ya fi ƙaranci a ƙasa fosfat ne, kuma watsa taki mai yawa caca ce: in ruwa ya ɗauke, kuɗi sun tafi. Abin da aka gwada a cibiyar binciken noma ta Ikirisat da ke Sadore, kusa da Yamai, shi ne a sa ɗan kaɗan a ramin shuka: giram shida na kamfa, cikin murfin kwalbar lemo ke nan, ko giram biyu na DAP, takin buhu mai fosfat da yawa. A gonar da ke da rami 10,000 a hekta, wannan kilo 60 na kamfa ne, buhu ɗaya da ɗan ɗori. Yana sa gero ya kafa saiwa da wuri. Sai dai geron da ya yi girma yana kwashe fiye da abin da murfin kwalba ya ba shi, don haka in ba a haɗa da taki ko a bar kara a gona ba, ana ƙara tatsar ƙasar ne.

A yankin Tawa, inda fako ya yi yawa, manoma suna haƙa tassa da rani: rami mai faɗin kamar santimita 20 zuwa 30, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara tana zuwa cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanya. Tan biyu zuwa uku ya isa hekta ta wannan hanya. Wanda ke da gawo a gona kuma ya san hatsin gindinsa ya fi na fili, domin da damina yake zubar da ganye, da rani kuma dabbobi na kwana a inuwarsa.

Na zuba taki amma shukata ta yi ɗorawa ta tsugune. Me ya faru?

Mai yiwuwa takin bai nuna ba. Idan akwai garin katako, ɓuntun shinkafa ko busasshen kara da yawa a ciki, ƙwayoyin da ke ruɓar da su suna buƙatar naitirojin, kuma daga ƙasarka za su ara, su bar shuka da yunwa na makonni. Za su mayar daga baya, amma masara ba ta jira. Wannan ya fi faruwa da kashin kajin gidan gona wanda rabinsa garin katako ne. Ɗanyen kashin kaji zalla kuma matsalarsa akasin wannan ce: ƙarfi gare shi, yana ƙone tsiro idan ya taɓa shi.

Ganye yana faɗa maka abin da ya rasa. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi ɗorawa daga baki suna bin jijiyar tsakiya, naitirojin ne, ɗan yuriya a binne zai gyara cikin mako. Idan gefen ganye ne ya ƙone, fotash. Ganye mai shuni-shuni a ƙaramar masara, fosfat. Idan sababbin ganyen sama ne suka yi fari-fari a tsaye gefen jijiya, zinki ne, kuma wannan alama ce ta gonar da ta daɗe ba ta ga takin gida ba.

Mene ne bambancin takin rami da wanda na kwashe daga turke kai tsaye?

Na turke rana ta gasa shi, fitsarin da ya fi kashin naitirojin ya tashi ko ya nutse, kuma cike yake da irin ciyawa. Na rami an kiyaye shi.

Haƙa rami a inuwa, zurfin da bai wuce mita ɗaya ba. Shimfiɗa yankakken kara a ƙasa, sai kashin dabbobi da shimfiɗar turke da ta sha fitsari, sai ɗanyen ganye ko sharar kicin, sai ɗan barbaɗin toka da ƙasa, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika. Busasshen abu ya ninka kashi sau biyu ko uku. Danshin da ake so: ka matse a hannu ya dunƙule, ruwa bai zubo ba sai ɗigo. Rufe da ciyawa ko tsohon buhu, ka soke sanda a tsakiya. Bayan kwana uku zuwa biyar zaro sandar. In ta yi zafi da gumi, aiki na tafiya. Cikin tsibi mai kyau zafi na kai digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara kara. In warin fitsari ne ke hawa hanci, naitirojin ɗinka ne ke gudu, kashi ko toka ya yi yawa. Ana juyawa duk mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, ya yi ƙamshin ƙasar farkon damina, ya ragu kusan rabi.

Babbar wahalar ruwa ce, domin lokacin da kara ya samu shi ne lokacin da rijiya ke ja baya. Masu dabara suna juya ruwan wanke-wanke da na alwala zuwa ramin.

Yaushe zan kai shi gona?

Kusa da faɗuwar ruwa, a baza, a rufe da huɗa. Tsibin da aka jibge a gona tun watan Fabrairu yana shan rana da iska wata uku, kuma inda ya zauna ne kaɗai zai yi dausayi. In dole sai an kai da wuri saboda amalanke, a yi manyan tsibi a rufe su da ƙasa.

Zan iya gauraya yuriya da takin gida ko toka in zuba gaba ɗaya?

Da toka, a'a. Toka tana sa yuriya ta zama iskar amoniya ta tashi. Da takin gida ma gara kowanne ya shiga a lokacinsa: shi kafin shuka, ita lokacin da shuka ke tsananin ci. Kuma kada a ajiye yuriya a saman ƙasa a tafi. A rana mai zafi, a ƙasa mai ɗan danshi, wani babban kaso yana tashi cikin kwanaki kaɗan. A tona rami tazarar yatsa biyar daga gindin shuka, a zuba, a rufe.

Takin bola na birni fa?

Da can sharar gari toka ce da kashin dabbobi da ƙaiƙayi. Yanzu akwai leda, fasassun kwalabe, batura da allurai. Leda tana hana saiwa da ruwa wucewa, awaki su ci su kumbura. Batura suna barin dalma da makamantanta, waɗanda ba sa ruɓewa, suna taruwa ne shekara bayan shekara. A tankaɗe a tsince kafin a zuba, a guji wanda ya fito daga kusa da asibiti, majema ko masana'anta, kuma kada a sa shi a lambun latas, kabeji da alayyafo. Ɗanyen kashi ma, na kowace dabba, ba a sa shi ga ganyen da ake ci ɗanye.

Gonar haya nake nomawa. Ya dace in kai takin gida?

In shekara ɗaya aka ba ka, ka riga ka ga lissafin: kwata za ka ci, sauran na wanda zai zo bayanka. An sha ganin mai gona ya karɓe abarsa da zarar ya ga ta yi baƙi, ko ya ƙara kuɗi. Ga hayar shekara guda takin buhu ya fi dacewa, takin gidanka ka kai gonar gado. In kuma kana so ka zuba, a yi magana gaban shaidu tun kafin amalanke ta fita, a rubuta cewa shekara uku ce, a kuma faɗi wanda ke da kara da harawa bayan girbi.